Gonar da babanmu ya bar wa amininsa: shekara 26 ta mayar da ita tasu?

Sani Makaniki: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman wanda ya san shari'ar ƙasa ya haska mini, don abin ya hana ni barci. Mahaifinmu ya sayi gona a gefen garinmu a 1989. A 1998 aiki ya kai shi Fatakwal, ya kwashe mu duka, ya bar gonar a hannun wani amininsa ya riƙa nomawa. Duk kaka mutumin yana aiko mana da buhu ɗaya na gero ta hannun direban babbar mota. Baba ya rasu a 2009, muka dawo gida, lokacin ina da shekara 12. Buhun ya ci gaba da zuwa har 2011, daga nan shiru. Mahaifiyarmu ta ce a ƙyale shi, aminin marigayi ne, ba za ta buɗe baki ta tambaye shi gero ba. Shi ma ya rasu a 2017. A 2018 'ya'yansa suka zagaye gonar da bulo, a 2021 suka yanka fuloti biyu suka sayar. Yanzu gari ya iso wurin, har an kafa turakun wuta. Da na je wurin babbansu a watan jiya, sai ya ce gonar ta shekara 26 a hannunsu, 1998 zuwa 2024, kuma ko a Musulunci shekara 10 ta isa. Shin gaskiya ne mun rasa ta?

Ɗanjuma Dillali: Wa alaikumus salam. Sani, ka yi haƙuri, amma gara a gaya maka gaskiya tun yanzu kafin ka zuba kuɗi a kotu. Shekara 20 ina harkar filaye. Abin da ake kira hauzi ke nan. Mutum ya riƙe wuri shekara 10 ba wanda ya ce masa uffan, ya zama nasa. Ku kuma har 26. Na ga alƙali ya kori irin wannan ƙara a zama biyu. Shawarata ka nemi sulhu, ko fuloti ɗaya suka ba ku ku karɓa ku gode wa Allah.

Malam Habibu: Alhaji Ɗanjuma, shekara 10 ɗin da ka ambata tana nan a littattafanmu, ba ƙirƙira ka yi ba. Tana cikin Risala, tana cikin Muhtasar na Halil, tana cikin Tuhfa ta Ibnu Asim wadda alƙalanmu suka fi buɗewa. Amma ka ɗauko adadin ka bar sharuɗɗan da ke ɗaure da shi, kuma a maganar Sani sharuɗɗan ne komai.

Abin da ake ƙirgawa shirun mai haƙƙi ne. Ana so ya kasance yana garin, yana gani ana aiki a wurin kamar yadda mai abu ke yi da abinsa, ana noma, ana dasa itace, ana gini ana rushewa, ya san wurin nasa ne, babu abin da ya ɗaure masa baki, amma ya yi shiru shekara 10. Sai malamai suka ce a al'ada mutum ba ya zuba ido ana yin haka da dukiyarsa, don haka shirun nan alama ce ta cewa ya sayar ko ya bayar tun da can, shaidu ne kawai suka ƙare. A nan alƙali ba zai saurari da'awarsa ba, ko da ya zo da shaidun cewa asali tasa ce.

To amma akwai ƙofar da aka bari a buɗe. Idan aka san ta yadda mai riƙon ya shiga, aka tabbatar aro ne, ko haya, ko jingina, ko ajiya, ko cewa aka yi zauna ka tsare mini, to hauzi bai amfane shi da komai, ko ya shekara 60. Dalili a fili yake. Wanda ya ba da aro ba shiru ya yi ba, izini ya bayar. Buhun geron nan da Sani ya ambata kamar abin wucewa, shi ne ƙashin bayan shari'arsu.

Ɗanjuma Dillali: Allah ya gafarta Malam, na yarda da maganar aro. Amma buhun ya tsaya tun 2011. Daga 2011 zuwa yau shekara 13 ce. Ko da wannan aka ƙirga ai ta wuce 10.

Malam Habibu: Tsayawar buhu ba ta mayar da aro saye ba. Wanda aka ara wa jaki ya daina zuwa gaisuwa, jakin bai zama nasa ba. Matsalar Sani tana wani wuri dabam, wurin hujja. Shi ne zai tabbatar wa alƙali cewa aro ne. In ya kasa, su kuma yaran suka ce mu dai mun tashi mun ga gona a hannun ubanmu, mun gada, ba mu san wani aro ba, to a nan ne za a koma ƙirgen shekaru, kuma shekarun uba da na 'ya'ya haɗa su ake yi. Sani, wa ya san da zancen buhun nan ban da ku 'yan gida?

Sani Makaniki: Malam, direban ya rasu. Akwai mahaifiyarmu, akwai yayata. Takardar sayen gonar ta 1989 tana nan da hatimin dagaci, amma ta aro babu, da baki suka yi. Akwai kuma ɗorawa biyu a cikin gonar. Tun dawowarmu har zuwa lokacin da aka yi katangar, duk shekara mahaifiyarmu na tura mu mu kaɗo ta, ta yi daddawa, ba wanda ya taɓa hana mu.

Malam Habibu: Ka riƙe maganar ɗorawar nan da kyau. A ƙasarmu kowa ya san wanda ya ari gona amfanin ƙasa yake ci, itatuwa na mai gona ne. In maƙwabtan gona za su shaida cewa har 2017 ku ke kaɗar ɗorawa a gaban marigayin bai ce komai ba, to ga alamar cewa shi kansa bai ɗauki gonar tasa ba, kuma ku ba ku saki hannu ba. Mahaifiyarka da yayarka magada ne, suna da rabo a abin da ake jayayya, shaidarsu ba za ta tsaya muku ba. Ka nemi na waje: masu gonakin iyaka, tsofaffin 'yan ƙwadago da suka yi masa noma, wanda ya riƙa auna geron.

Barista Rabi: Na karanta duka. Malam ya yi bayanin ɓangaren fiƙihu yadda ya kamata, ni zan ƙara ɓangaren dokar gwamnati, don ba a san kotun da maganar za ta ƙare ba.

A dokokin kayyade lokacin shigar da ƙara, tunanin ya sha bamban da na hauzi. Dokar ba ta damu da ko shirunka alamar ka sayar ba ne. Cewa take yi kana da wa'adi, in ya wuce ƙofar kotu ta rufe, ko da mai riƙon ya san sarai ba nasa ba ne. A Legas da Abuja shekara 12 ce ga mutum, 20 in gwamnati ce mai ƙasar. Wasu jihohin 10 suka sa. Kowace jiha da tata, don haka abu na farko da lauyanka zai buɗe shi ne dokar jiharku.

Wa'adin ba ya fara tafiya daga ranar da mutum ya shiga gona. Yana farawa daga ranar da zamansa ya zama na ƙin mai ita. Muddin da izini yake zaune, ba a fara ƙirge ba. Saboda haka 26 ɗin da suke faɗa ba ta da tushe, daga 1998 zuwa 2011 shekara 13 ce ta zama da izini, suna ma biyan shaida. Rigimar za ta kasance tsakanin shekaru biyu. Lauyansu zai ce 2011, ranar da buhu ya tsaya, don a nan ne ya daina amsa ku a matsayin masu gona. In alƙali ya bi wannan, wa'adin 12 ya cika a 2023, na 10 kuma tun 2021, kun makara ke nan. Lauyanka zai ce 2018, ranar da aka yi katanga aka hana ku shiga, don kafin nan kuna shiga kuna fita kuna kaɗar ɗorawa. In aka bi wannan, kuna da zuwa 2028 ko 2030. Ka ga itatuwa biyun nan sun kai darajar shekara bakwai.

Usman Ɗan Kasuwa: Ni abin da na sani tun 1978 duk ƙasa ta gwamna ce. To me ake jayayya a kai? Ba Sani ke da ita ba, ba yaran ke da ita ba. Duk wanda ya riga zuwa ofishin filaye ya karɓi takardar gwamna shi ke nan. Sani ka bar zancen kotu, ka ruga ka yi takarda.

Barista Rabi: Malam Usman, wannan shawarar tana da haɗari. Gaskiya ne dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da amfani. Amma wannan haƙƙin shi ake gada, shi ake jayayya a kai, kuma dokar ta amince da waɗanda ke riƙe da wurarensu tun kafin ta fito. Takardar gwamna ba ta haifar da haƙƙin da babu shi. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990: wanda ya karɓi takarda a kan wurin da wani ya fi shi haƙƙi, takardar ba ta tsinana masa komai. Abin da Sani ya kamata ya yi a ofishin filaye shi ne ya bincika ko yaran ko masu sayen fulotin sun nemi takarda, in sun nema ya shigar da ƙorafi a rubuce.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba. Kotunanmu sun sha cewa daɗewa a wuri garkuwa ce, ba takobi ba ce. Wanda ya daɗe zai iya kare kansa da ita in an kai shi ƙara, amma da wuya ya je da ita kaɗai ya ce kotu ta ayyana shi mai wuri a kan wanda ya kawo asalin mallaka ingantacce. A al'adun gargajiya kuwa, ƙa'idar ita ce daɗewa ba ta ba da mallaka sam, har dokar Legas ta cire ƙasar gargajiya daga wa'adinta. Sai dai tun shari'ar Akpan Awo da Cookey Gam a 1913 alƙalai ke ƙin taimakon wanda ya zuba ido wani ya kashe kuɗi ya yi gini, shekaru suka tafi, sannan ya taso.

Hajiya Talatu: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da tawa, don ta yi kama da wannan. Mahaifinmu ya rasu a 1991 ya bar gida. Mu mata uku muna ɗakunan aure, Yaya shi kaɗai ne namiji, ya zauna a ciki. Ba a raba gado ba, kunya ta hana mu magana. Ya rushe ɗakunan ƙasa ya yi na siminti, ya fitar da shaguna uku a bakin titi yana karɓar haya. Bara da na ce Yaya a fitar mana da namu, sai ya ce shekara 32 ina muke. Malam, mu ma shekara 10 ɗin ta cinye mu?

Malam Habibu: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinku. Taki ta fi ta Sani sauƙi. Risala ta faɗa a sarari cewa wannan wa'adin na shekara 10 ba ya aiki tsakanin dangi da surukai. Dalilin shi ne abin da kika ambata da bakinki, kunya. 'Yan'uwa suna yi wa juna kawaici, ƙanwa ba ta kai yayanta ƙara don ya gyara ɗaki, don haka shirunta ba alamar ta sallama ba ne. Malamai suka kai wa'adin dangi zuwa shekara 40 ko fiye. Daga 1991 ba ku kai nan ba. Ga shi kuma an san ta yadda ya shiga, gado ne da ba a raba ba, kowa a unguwa ya sani. Wani abu da Tuhfa ta togace shi ne in dama akwai gaba da husuma tsakanin dangin, to sai a ɗauke su kamar bare, don wanda ba ya jin kunyarka ba kawaici ya hana shi magana ba. Ke dai kada ki bari ta kai 40. Ku je kotun shari'a ku nemi rabon gado. Kuɗin ginin da ya kashe da hayar da ya ci, alƙali zai duba su daban.

Hajiya Talatu: Na gode Malam. Wallahi ba gidan ne ya dame ni ba kamar kalmar ina muke. Muna nan, kowace Sallah a tsakar gidan muke cin tuwo.

Nura Gambo: Ni zan yi magana ta ɗaya ɓangaren, ko da ba za a ji daɗi ba. Kakana ma haka aka ba shi saura, ƙasa ta mutu, ko ƙaiƙayi ba ta fitarwa. Shekara 30 yana kai taki da jaki, ya tare zaizaya da duwatsu, ya hana maƙwabta cin iyaka. Masu ita ko leƙe ba sa yi. Sai da aka ce titi zai bi ta wurin suka tuna suna da gona. Yaran da Sani ke magana a kai wataƙila da gaske ba su san aro ba ne, sun buɗe ido sun ga ubansu a ciki. Shin wahalar shekara 19 da tsohon ya yi ta tafi a banza?

Sani Makaniki: Ɗan'uwa Nura, ban ce bai wahala ba, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Amma shekara 19 ɗin nan shi ya ci amfanin gonar, buhu ɗaya kawai yake fitarwa, daga baya ma babu. Da 'ya'yansa sun zo sun ce a duba musu, wallahi mahaifiyarmu mai ba su wani yanki ce. Ciwon shi ne a sayar ba a ko sallama mana ba.

Isufu na Maraɗi: Maganar Nura mu a Nijar mun rayu da ita. Bayan Janar Kunce ya karɓi mulki a 1974 ya yi shelar cewa gona ta mai nomanta ce, ko ta wace hanya ta zo hannunsa. Waɗanda ke noman aro da yawa suka daina kai damin da suke kai wa masu gona, don sun gane damin nan shi ne shaida a kansu. Masu gona kuma suka shiga karɓe gonakinsu tun kafin su kuɓuce, ko su ƙi ba da aro sam. Har aka yi dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin ƙasa, rigingimun nan ba su ƙare ba, jikoki na yin su a gaban sarakuna. Shi ya sa yanzu a wurinmu mai hankali in zai ba da aron gona sai an rubuta a gaban mai gari da kwamiti. Kuma dami ko ɗaya ne ba a yafe shi, ba don gero ba, don a gani.

Aminu Leeds: Ina zaune a Ingila, kuma akwai shari'ar da duk ɗalibin lauya a nan ya sani, ta Pye da Graham. Kamfanin Pye na da fili kimanin hekta 25 a yankin Berkshire, yana ajiye da shi don gini nan gaba. A 1983 ya ba maƙwabcinsa manomi Graham izinin kiwo na 'yan watanni. Izinin ya ƙare, Graham ya nemi a sabunta, kamfanin ya ƙi, amma bai kore shi ba. Mutumin ya ci gaba da kiwo da gyaran shinge, makullin ƙofa na hannunsa. Shekara 12 ta wuce. A 2002 kotun ƙoli ta lokacin ta ce filin ya zama na iyalan Graham, duk da cewa shi da kansa ya ce da an nemi ya biya haya da ya biya. Kamfanin ya kai gwamnatin Birtaniya kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai, a 2007 ya sha kaye. Yanzu an sauya doka ga filaye masu rajista. Bayan shekara 10 mai riƙo zai nema a rubuce, ofishin rajista ya sanar da mai fili, in ya ƙi amincewa galibi an kori buƙatar, sai a ba shi shekara 2 ya fitar da mutumin. Malam, da a gabanku aka kawo wannan fa?

Malam Habibu: Da a zauren alƙalin Malikiyya ne, da Graham bai samu ko taku ɗaya ba. An san mashigarsa, izinin kiwo ne, kuma ya yi iƙirari da bakinsa cewa filin na wani ne. A wurinmu mai hauzi sai ya yi da'awar cewa abin nasa ne, ya saya ko ya gada, ya kuma rantse. In ya ce na san ba nawa ba ne amma na daɗe, ya rushe kansa. Shi ya sa malamai irin su Ibnu Rushdi suka ce hauzi ba ya ciro mallaka daga wani ya ba wani, nuni kawai yake yi gare ta. Wanda ya ci da hauzi a kotu alhali ya san aro ne, hukuncin alƙali bai halatta masa ba. Imamu Malik kansa bai yanke adadin shekaru ba, ya bar wa alƙali ya duba. Goman daga malaminsa Rabi'a aka fi ɗauko ta, almajirinsa Ibnul Ƙasim kuma ya ga bakwai da takwas ma sun yi kusa.

Ɗanjuma Dillali: To na ji, na kuma karɓi gyara a kan aro. Amma ni fulotin nan biyu ne a raina, don irin mutanen da nake kai wa fili ke nan. Sun biya kuɗinsu, da shaidu, wataƙila har da sa hannun mai unguwa. Su kuma fa? Sani, yaushe kuka ji labarin an sayar?

Sani Makaniki: Yayanmu babba ya ji tun a 2021 ɗin. Ya je ya sami mai unguwa ya yi ƙorafi da baki, aka ce za a zauna, ba a zauna ba. Ɗaya daga cikin masu sayen har ya kai gininsa linta.

Malam Habibu: Alhaji Ɗanjuma ya taɓo inda ya fi ba ni tsoro. Sayarwa ba a jira mata shekara 10. In aka sayar da abin mutum ba ya wurin, labari ya iso masa, ya tashi nan da nan, yana da zaɓi ya warware cinikin ko ya bar shi. In ya bari lokaci ya ja, malamai suka ƙaddara shi da kamar shekara, to ciniki ya zauna, abin da ya rage masa shi ne ya bi mai sayarwa kuɗin. Ku yanzu shekara 3. Mai yiwuwa fulotin biyun nan kuɗinsu za ku bi, ba ƙasar ba, kuma kuɗin 2021 ba na yau ba ne. Ƙorafin da yayanku ya kai wa mai unguwa zai taimaka in mai unguwar zai tsaya ya faɗa. Sai dai malamai sun saɓa, wasu sun ce jayayya ko a ina aka yi ta ta karya shiru, wasu sun ce sai wadda aka kai gaban alƙali.

Barista Rabi: A dokar gwamnati wannan ba shi da saɓani sosai. Ƙorafi a gaban mai unguwa, ko wasiƙar lauya, ba sa tsayar da wa'adi. Abin da ke tsayar da shi shigar da ƙara ne, ko kuma su rubuta su sa hannu cewa gonar taku ce, sai ƙirge ya koma farko. Don haka ko za a yi sulhu, a shigar da ƙara tukuna, a nemi umarnin dakatar da gini da sayarwa, sannan a zauna. Ƙuruciyarka a 2009 uzuri ce a dokokin biyu, amma kada ka dogara da ita, ka balaga da daɗewa, yayanku kuma babba ne tun lokacin kuma yana garin. Sannan a kula da inda za a kai ƙarar. In akwai takardar gwamna a kan wurin, babbar kotun jiha ce kaɗai ke da hurumi. In ƙasar karkara ce, kotun shari'a ko ta yanki za ta iya ji. Mutane da yawa suna cin shari'ar gona a ƙasa, a ɗaukaka ƙara zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, bayan shekaru a rushe komai don rigimar mallakar ƙasa tsakanin bare ba ta cikin huruminta, sai in gado ne ko kyauta ko waƙafi.

Nura Gambo: Ni dai har yanzu ina ganin wanda ya raya ƙasa ya fi wanda ya ajiye takarda a akwati. Amma na ji bambancin, su Sani ba su yar da ita ba.

Sani Makaniki: Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Jiya dagaci ya tara mu. Na samo wani dattijo mai gonar gabas da tamu, ya haura 80, da sanda aka kawo shi. Ya ce a gabansa Baba ya damƙa gonar, a gindin ɗorawar, kuma shi ya riƙa ara wa marigayin tiyar da ake auna geronmu. Da babban ɗan ya ji haka sai ya sauya magana. Ya ce e, asali ta babanmu ce, amma da Baba ya zo gida Sallar 2005 ya ce wa babansu ya bar masa ita kyauta. Dagaci ya sa magatakarda ya rubuta abin da kowa ya faɗa.

Malam Habibu: To ya sauko daga kan shekara 26, ya hau kan kyauta, kuma ya amsa da bakinsa cewa asalin gonar taku ce. A Tuhfa, mai riƙon da ya ce wanda ke ƙarar ne ya ba shi kyauta, shi zai kawo shaidu. In ya kasa, ku za ku rantse cewa ba ku san an yi kyautar ba. Kuma sai ya bayyana dalilin da ya sa wanda aka ba kyauta a 2005 ya ci gaba da aiko da buhu har 2011. Amma dattijo ɗaya bai cika shaida biyu ba, ka nemi na biyu. In bai samu ba akwai maganar shaida ɗaya da rantsuwa a sha'anin dukiya, sai dai kada ka so ta kai ka can.

Barista Rabi: Ka karɓi kwafin abin da magatakarda ya rubuta yau ɗin nan, da sa hannun dagaci da kwanan wata, in ɗan ya sa hannu ma ya fi. Kuma shekarun dattijon nan su ne wa'adinku na gaskiya. Lauyanka ya roƙi kotu a fara jin sa kafin kowa.

Sani Makaniki: Na karɓo kwafin da azahar, ɗan bai yarda ya sa hannu ba. Dattijon ya ce akwai wani da ya yi wa marigayin noma shekaru, yanzu yana wani ƙauye wajen 'yarsa, gobe da sassafe zan hau babur in neme shi. Litinin kuma ni da Yaya za mu kotu.